Me Ka Saya da Dala 300? Tambayoyi da Amsoshi Kan Cinikin Ofshin a Ma'aunin Shari'a

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ɗan ƙanwata ya zauna kusa da ni a zaure ya miƙo mini wayarsa. Layuka ne kore da ja suna hawa suna sauka, ga lambobi suna ta canzawa kamar mitar gidan mai. Ya ce, "Kawu, wannan fa ba caca ba ce, kasuwa ce. Jiya na sa dala 300, yau ga shi ta zama 420."

Na ce masa, "To madalla. Me ka saya da dala 300 ɗin?"

Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, sannan ya ce, "Ofshin na saya."

Na ce, "Na ji sunansa. Amma mene ne shi? Buhu ne, fili ne, ko kaso ne a kamfani?"

A kan wannan tambaya duk maganar malamai ta ginu. Wanda ya gane amsarta zai gane dalilin da ya sa mafi yawansu suka hana wannan ciniki, da kuma inda 'yan kaɗan suka saɓa musu. Ga tambayoyin da aka fi yi, ɗaya bayan ɗaya.

Wai shin mene ne ofshin?

Kalmar Turanci ce mai ma'anar zaɓi, malaman fiƙihun zamani kuma suna kiran irin wannan ƙulli da Larabci "ihtiyarat". Yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu. Na farko yana biyan wani kuɗi, na biyu kuma yana ɗaukar masa alkawarin cewa zai sayar masa da wani kaya, ko ya saya daga hannunsa, a kan farashin da aka yanke tun yau, kafin wa'adin da aka ɗiba ya cika. Wanda ya biya kuɗin yana da zaɓi: in ya ga dama ya nemi a cika masa alkawari, in ya ga dama ya bari. Wanda ya karɓi kuɗin ba shi da zaɓi. Da zarar an nema, dole ya cika.

Iri biyu ne. Wanda ke ba ka damar saye shi ne ake rubutawa `Call` a fuskar waya, wanda ke ba ka damar sayarwa kuma `Put`. Farashin da aka yanke shi ne `Strike`, ranar cikar wa'adi `Expiry`, kuɗin da ka biya don samun damar kuwa `Premium`. A nan za mu riƙa kiransa kuɗin zaɓi. Kayan da ake ƙulla yarjejeniyar a kansa na iya zama hannun jarin kamfani, ko zinariya, ko ɗanyen mai, ko kuɗin wata ƙasa. Cinikin ya samu kasuwa mai tsari ne a birnin Chicago na Amurka a 1973, kuma daga nan ya bazu har ya iso wayoyin hannu.

A ba mu misali da lambobi

Mu ɗauka hannun jarin wani kamfani yana dala 50 yau. A kasuwar Amurka, yarjejeniya ɗaya kan ƙunshi hannun jari 100. Wani mai suna Audu a misalinmu yana ganin farashin zai tashi, sai ya sayi damar saye a kan dala 50 na tsawon wata ɗaya, ya biya dala 3 a kan kowane hannun jari. Dala 300 ke nan suka fita daga aljihunsa zuwa na Tanko, wanda ya sayar masa da damar. Har yanzu Audu bai mallaki ko hannun jari ɗaya ba.

In wata ya cika farashi ya kai dala 60, Audu na da ikon karɓar hannun jari 100 a kan dala 5,000 alhali a kasuwa suna dala 6,000. Bambancin dala 1,000 ne. A cire 300 da ya biya tun farko, ya tashi da ribar dala 700. Tanko kuwa, in dama ba ya riƙe da hannun jarin, sai ya je kasuwa ya sayo a kan 6,000 ya ba da a kan 5,000. Bayan an haɗa da 300 da ya karɓa, asararsa dala 700 ce cif, daidai da abin da Audu ya samu.

In farashin ya tsaya a dala 52, Audu ya yi daidai a hasashensa cewa zai tashi, amma duk da haka ya faɗi: damarsa ta ba shi 200, ya kuma biya 300, saura asarar 100. Sai farashin ya wuce dala 53 kafin ya fara ganin ko sisi. In kuwa farashin ya sauko dala 45, ko ma ya tsaya cak a 50, damar ta mutu, dala 300 sun zama na Tanko, Audu ya tashi hannu rabbana.

Yanzu a kwatanta shi da Ladi, wadda ta fitar da dala 5,000 ta sayi hannun jarin kansu. In farashi ya sauko 45, darajar abin da ke hannunta ta koma 4,500, amma hannun jarinta 100 suna nan. Tana da kaso a kamfani mai ma'aikata da injuna, za ta karɓi rabon riba in an raba, tana iya jira shekara biyar, in ta rasu magadanta su gada. Audu kuwa abin da ya riƙe yana narkewa kullum kamar ƙanƙara a rana, ranar wa'adi ko dai ya zama kuɗi ko ya zama babu.

To mene ne hukuncin da malamai suka yanke?

Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta duba lamarin a zamanta na 7 a Jidda, a watan Mayun 1992. A ƙudurinta mai lamba 63 ta ce cinikin ofshin, yadda ake yin sa a kasuwannin duniya, sabon ƙulli ne da bai shiga cikin ko ɗaya daga ƙulle-ƙullen da fiƙihu ya sani ba. Ta ce abin da ake sayarwa a cikinsa ba dukiya ba ne, ba amfani ba ne irin na gidan haya, ba kuma haƙƙin dukiya ba ne da ya halatta a karɓi kuɗi a madadinsa. Saboda haka ƙullin bai halatta ba, kuma tunda bai halatta a ƙulla shi ba tun asali, bai halatta a riƙa sayar da shi daga hannu zuwa hannu ba.

Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, wadda bankunan Musulunci da yawa ke bin ƙa'idojinta, ita ma a kan wannan ta tsaya a mizaninta na 20 kan cinikin kayayyaki a kasuwanni masu tsari, da na 21 kan hannayen jari. Mufti Muhammad Taqi Usmani na Pakistan yana daga cikin fitattun malaman da suka yi bayanin wannan hani. Wannan shi ne ra'ayin mafi rinjaye.

Abin lura a nan shi ne, hujjar farko da majalisar ta kafa ba ta tsaya a kan cewa abin na da haɗari ba. Ta tsaya ne a kan tambayar da na yi wa ɗan ƙanwata: me aka saya?

Amma ai ana sayar da haƙƙi. Ba ga haƙƙin mallakar littafi da sunan kamfani ba?

Tambaya ce mai kyau, kuma ita wannan majalisar ce a zamanta na Kuwait a 1988 ta amince cewa sunan kasuwanci da haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira haƙƙoƙi ne masu daraja, ana iya sayar da su. Bambancin da malaman suke gani shi ne, waɗannan haƙƙoƙi suna rataye da wani abu da yake akwai tun kafin ciniki. Littafin an rubuta shi. Sunan kamfanin an gina shi da gumin shekaru, mutane sun san shi sun amince da shi. Mai sayarwa yana da abu a hannu, ya miƙa wa mai saye.

Ofshin kuwa babu shi kafin Audu da Tanko su ƙulla magana. Maganar ce ta haife shi. Tanko bai miƙa komai ba sai cewa "na yarda zan sayar maka in ka nema," kuma niyyar sayarwa, a ganin waɗannan malamai, ba haja ba ce. Kowa a kasuwa ya san ana taya kaya a ce "albarka," a ƙara a ce "na sallama." Ba a taɓa jin an biya mutum kuɗi don sallamawar kanta, daban da kuɗin kaya ba.

Fiƙihu ya san zaɓi a cikin ciniki. A Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ɗaliban zaure ke karantawa a ƙasar Hausa, akwai cinikin da ake yi bisa zaɓi, inda mai saye ke neman 'yan kwanaki don ya gwada kaya ko ya yi shawara. Malikawa sun bambanta tsawon kwanakin gwargwadon kayan: na gida ya fi na dabba tsawo. Sai dai wannan zaɓi sharaɗi ne a cikin cinikin da aka riga aka ƙulla. Ba shi da farashin kansa, ba a kuma cire shi a kai kasuwa a sayar wa wani.

Ina gararin yake, alhali an san farashi, an san adadi, an san rana?

Garari shi ne ciniki wanda ƙarshensa ke a ɓoye, ba a san ko za a samu abin ko ba za a samu ba. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Sahihu Muslim ya zo da hani a kansa, malamai kuma sukan yi misali da sayar da tsuntsu yana sama ko kifi yana ruwa. Bahaushe ya taƙaita shi da cewa ba a cinikin biri a sama.

Gaskiya ne takardar ofshin ba ta da duhu ta fuskar sharuɗɗa; komai a rubuce yake. Duhun yana wajen abin da Audu zai samu a madadin dala 300 ɗinsa. A lokacin da yake biya, babu wanda ya san ko ya sayi abin da zai kai dala 1,000 ne ko ya sayi iska. Wanda ya sayi buhun masara bai san ko farashi zai hau ko zai sauka ba, amma ya san ya samu buhun masara. Rashin sanin Ladi yana kan ribar da za ta biyo bayan ciniki. Rashin sanin Audu yana cikin cinikin kansa.

Shari'a ba ta hana ɗan ƙaramin garari da ba makawa daga gare shi ba. Kana sayen gida ba ka tono harsashinsa ka gani ba, kana sayen tunkiya mai ciki ba ka san ko ɗaya za ta haifa ko biyu ba. An yafe waɗannan domin rashin sanin bi-ta-kan-hanya ne, gidan da tunkiyar su ne manufa. A ofshin kuwa, in aka cire rashin sanin inda farashi zai dosa, babu abin da ya rage da za a saya. Shi ya sa kuɗin zaɓi ke ƙara tsada duk lokacin da kasuwa ta rikice.

Akwai ƙarin matsala a ɓangaren Tanko in ba ya riƙe da hannun jarin, domin ya ɗauki nauyin sayar da abin da ba shi da shi, kuma hadisin Hakim ɗan Hizam ya zo da hani a kan haka.

Kowane kasuwanci ai akwai haɗari. Me ya sa za a kira wannan caca?

Ba haɗari ne ke mai da abu caca ba. Wanda ya sayi riɗi a Dawanau lokacin kaka ya ajiye yana jiran bazara shi ma hasashe yake yi, yana iya ci yana iya faɗuwa. Amma ya biya manomi kuɗinsa, ya ɗauki nauyin kaya, in ƙwari suka ci ko ruwa ya taɓa a wuyansa yake. Ƙa'idar fiƙihu ita ce riba tana tafiya tare da ɗaukar nauyi. Kuma a irin wannan ciniki kowa na iya tashi da murna: manomi ya samu kuɗin da yake buƙata, ɗan kasuwa ya samu kaya.

A koma ga Audu da Tanko. Babu wani farashi da zai sa su biyun su ci riba daga yarjejeniyar. Abin da ya shiga aljihun wannan daga aljihun wancan ya fito, sai la'adar dillali da ake cirewa daga kowannensu. Mai yanke hukunci tsakaninsu kuwa wani abu ne da zai faru nan gaba wanda ba ya hannun kowa. Wannan siffa ce ta maisir da Alƙur'ani ya hana a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Kuma a aikace, akasarin masu irin wannan ciniki ba sa nufin karɓar kaya. Kafin wa'adi sukan sayar da damar ga wani, ko a biya su bambancin farashi kawai.

Sakamakon ma ba ɓoyayye ba ne. Hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta Indiya, SEBI, ta fitar da bincike a farkon 2023 da ya nuna cewa kusan mutum 9 cikin 10 na ɗaiɗaikun masu cinikin ofshin da danginsa a kasuwar ƙasar asara suka tafka. Wannan ba shi ne dalilin hukuncin ba, amma yana nuna inda kuɗin ƙananan 'yan kasuwa ke tafiya.

Wanda ake cewa "sama ko ƙasa" a minti ɗaya fa?

Wannan shi ne ake rubutawa `Binary options`, kuma shi ya fi yawo a wayoyin matasa. Ka sa dala 10, ka ce farashin zinariya zai hau cikin minti ɗaya. In ka dace a ba ka, alal misali, ribar dala 8. In ka kuskure a cinye goman duka. A nan ko sunan mallakar kaya babu, ko da a takarda.

Yi lissafi da kanka. In ka buga sau 100, ka ci 50 ka faɗi 50, ka samu dala 400 ka rasa 500. Don ka tashi ba ci ba asara sai ka dace kusan sau 56 cikin 100, a kan motsin da ba ya bin ƙa'ida cikin daƙiƙa 60. Ba malamai kaɗai suka ƙi shi ba: hukumar kasuwannin Tarayyar Turai ta hana sayar da shi ga talakawan masu zuba jari a 2018, Birtaniya ta mai da hanin na dindindin a 2019. Muhawarar da za mu ambata a ƙasa ba ta shafi wannan nau'in ba.

A kuma kula da manhajojin da ke tallan `Islamic account` ko `Swap-free`. Abin da wannan ke nufi galibi shi ne an cire kuɗin ruwan da ake cajin wanda ya bar cinikinsa ya kwana. Cire kuɗin ruwa ya magance matsala ɗaya ce tak. Bai canza abin da ake saye da sayarwa ba.

Ba daidai yake da kafin alƙalami ba?

Nan ne kamannin ya fi ƙarfi. Kafin alƙalami, wanda fiƙihu ke kira arbun, shi ne ka ba mai kaya wani abu daga cikin kuɗi, in ka cika ciniki a lissafa shi cikin farashi, in ka fasa ya zama nasa. Mazhabar Malikiyya, da Hanafiyya da Shafi'iyya, ba su yarda mai kaya ya riƙe kuɗin ba in an fasa, kuma Imamu Malik ya kawo ruwayar hani a Muwaɗɗa. Hambaliyya sun halatta, suna ganin ruwayar ba ta inganta ba, suna kuma kafa hujja da abin da ya faru zamanin Sayyidina Umar: wakilinsa a Makka, Nafi'u ɗan Abdul Harith, ya sayi gida a hannun Safwan ɗan Umayya don a mai da shi kurkuku, bisa sharaɗin in Umar bai amince ba Safwan zai riƙe dirhami 400. Majalisar Fiƙihu ta ɗauki ra'ayin halatci a zamanta na Brunei a 1993, da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira.

To ko a wajen masu halattawa, akwai rata tsakanin biyun. Mu mai da misalinmu kafin alƙalami. Audu ya ba Tanko dala 300 a kan hannun jari 100 na dala 5,000. In ya cika, cikon 4,700 zai biya, domin 300 ɗin wani yanki ne na farashi. A ofshin kuwa 5,000 zai biya cif bayan 300 ɗin, jimla 5,300, domin kuɗin zaɓi farashin wani abu ne daban. A kafin alƙalami an riga an ƙulla ciniki a kan kaya sananne wanda Tanko ya mallaka ya kuma keɓe, ba a ɗaukar takardar a yi ta sayarwa a kasuwa. Sannan ƙudurin bai yarda da arbun a canjin kuɗi da cinikin zinariya ba, domin waɗannan sai hannu da hannu. Ita kuwa damar sayarwa, wato `Put`, ba ta shiga wannan ƙiyasin ba sam, tunda a can mai kaya ne ke biya don a tilasta wa wani ya saya.

In ina riƙe da hannun jarin fa, na sayar da damar saye a kansu?

Wannan shi ake kira `Covered call`, kuma masu zuba jari da yawa na son sa don ƙarin kuɗin shiga. Ya kawar da matsala ɗaya: Tanko bai sayar da abin da ba shi da shi ba. Amma dala 300 ɗin da ya karɓa har yanzu farashin alkawari ne tsagwaronsa, saboda haka a ma'aunin ƙudurin 1992 hukuncin bai canza ba. Haka ma wanda ya sayi `Put` don kare hannun jarinsa daga faɗuwa. Niyyarsa ba caca ba ce, amma kyakkyawar niyya ba ta gyara ƙullin da aka ce tushensa ne bai inganta ba.

Babu malaman da suka halatta?

Akwai. Farfesa Mohammad Hashim Kamali, a littafinsa na shekarar 2000 kan dokokin kasuwanci na Musulunci, ya kare halatcin ofshin. Hujjarsa ita ce asalin mu'amala halal ne har sai nassi ya hana, mutane na da 'yancin gindaya sharuɗɗa a cinikinsu, kuma wanda ya ɗaure kansa da alkawari ya hana kansa sayar wa wani ya cancanci a biya shi. Yana kuma ganin cewa a kasuwa mai tsari, inda akwai cibiyar da ke tsaya wa kowane ɓangare, fargabar rashin cika alkawari ta ragu ƙwarai. A Malesiya ma, majalisar shari'a ta hukumar kasuwar hannayen jari ta amince da wata takardar damar saye da ake kira waranti, muddin hannun jarin da ke ƙarƙashinta na halal ne, bisa ganin cewa haƙƙi ne mai amfani da al'ada ta ɗauke shi dukiya.

Ra'ayi ne na ilimi, ba a yi masa dariya. Amma marasa rinjaye ne, kuma masu shi suna magana ne a kan kasuwa mai doka da kaya na halal. Ba su ba da lasisi ga kowace manhaja da ke waya ba.

Mai buƙatar kariya ta gaske fa, me zai yi?

Buƙatar gaskiya ce. Mai shigo da kaya da zai biya dala nan da wata uku yana tsoron faɗuwar naira, mai kamfanin abincin kaji yana tsoron tashin masara. Shari'a ba ta ce su zauna su zuba ido ba.

Ga mai kaya akwai salam, wanda mutanen Madina ke yi da dabino tun zamanin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi: mai saye ya biya kuɗi duka yanzu, a kan awo sananne da siffa sananniya da wa'adi sananne. Mai kamfanin ya kulle farashinsa, manomi ya samu jarin noma, kuma dole kaya su sauya hannu. Sai dai ba shi da ƙofar fasawa in farashi ya sauko. Wannan shi ne abin da ya rasa idan aka kwatanta da ofshin, kuma shi ne ɗaukar nauyin da ke halatta masa riba.

Ga masu canjin kuɗi, bankunan Musulunci suna amfani da wa'ad, wato alkawarin ɓangare ɗaya: banki ko abokin cinikinsa ya yi alkawarin canji a kan farashi kaza ranar kaza, amma ba a ƙulla cinikin ba sai ranar, hannu da hannu. A 2010 cibiyar IIFM ta Bahrain da ƙungiyar ISDA suka fitar da wata babbar yarjejeniya mai suna Tahawwut don tsara irin wannan kariya. Wasu malamai na sukar wasu daga cikin waɗannan dabaru, musamman inda aka zagaya aka karɓi kuɗi a kan alkawarin, suna cewa ofshin ne aka sa wa rawani. Abin da kwamitocin shari'a kan nace a kai shi ne a nuna akwai ainihin ciniki a bayan kariyar, kamar takardar odar kaya.

Wanda ya riga ya shiga fa?

Abin da malaman da suka hana ke cewa shi ne ya daina, ya ɗauki uwar kuɗinsa, ribar kuma ya fitar da ita ga mabuƙata ko ayyukan amfanin jama'a don tsarkake dukiya. Kafin ya je wa malami da tambaya, ya tafi da amsar abu uku: mene ne ya shiga mallakarsa lokacin da ya biya, kuɗin da ya biya ana lissafa shi cikin farashin kaya ko a'a, kuma in ya ci wa ya yi asara. Malami da yawa ba su taɓa ganin fuskar irin wannan manhaja ba, kuma fatawa gwargwadon bayanin da aka bayar take fitowa. In ka ce "ina saye da sayar da hannun jari a waya," amsar wata tambaya daban za ka samu.

Ɗan ƙanwata ya dawo bayan mako biyu. Dala 420 ɗin ba ta kai ranar wa'adi ba. Farashin ya ja da baya, ya sayar da damar a kan 90. Ban ce masa komai a kan asarar ba, domin da ya ci ma tambayar tana nan. Shi ne da kansa ya ce, "Kawu, na yi ta tunanin abin da ka tambaye ni. Na duba asusun daga sama har ƙasa, ban ga inda aka rubuta ina da wani abu ba, sai kwanan wata."

Na ce, "To ka samu amsar. Saura ka kai wa malam ita yadda ka faɗa mini."